Nawa Ne, Yaushe Ne, a Wane Asusu: Imel ɗin da Ke Raka Takardar Neman Biya

A yawancin kamfanoni da ma'aikatu, wanda ya ba da odar aiki daban yake da wanda zai biya kuɗin aikin. Manaja ne ya kira mai maɗaba'a, suka yi ciniki har suka daidaita, amma kuɗin kan fita ne daga teburin wata akanta a ofishin kuɗi, wadda ba ta san mai aikin ba, ba ta kuma ji cinikin da aka yi ba. Abin da ke isa gare ta shi ne imel ɗin da manajan ya tura mata, da takardar neman biyan kuɗi maƙale a jikinsa, wato inbois kamar yadda 'yan ofis ke faɗa. Tana da irinsa da dama a gabanta. Idan ta buɗe, abu uku take nema: nawa ne kuɗin, yaushe ne wa'adin, kuma wane asusu za a tura wa. In ta rasa ɗaya daga ciki, ba za ta yi faɗa da kowa ba. Za ta ajiye shi ne zuwa an jima, ta ɗauki na gaba.

Wannan "zuwa an jima" shi ke cinye wa ƙananan 'yan kasuwa makonni. Ba duk jinkirin biya ne ke zuwa daga mugun nufi ko rashin kuɗi ba. Wani daga saƙon da aka rubuta yake farawa, tun ranar da aka aika shi.

A ɗauki misalin wata ƙaramar maɗaba'a a Kano da ta buga wa wani kamfani a Abuja kalandar sabuwar shekara guda 500, kowace a kan naira 2,400. Kuɗin aiki ya kama naira 1,200,000. Maɗaba'ar tana cikin masu karɓar harajin VAT, wanda a Najeriya ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, don haka an ɗora naira 90,000, jimla ta zama 1,290,000. Tun kafin a kunna inji kamfanin ya ba da kafin alƙalami na naira 500,000. Saura 790,000 ke nan. An kai kaya ranar Alhamis 30 ga Oktoba 2025, aka rubuta inbois ranar Litinin 3 ga Nuwamba, bisa alkawarin biya cikin kwana 30.

Imel ɗin da aka saba gani a irin wannan hali yakan zo da kan magana mai kalma ɗaya, "Inbois", wani lokaci ma wurin a wofi. Cikinsa kuwa gaisuwa ce mai tsawo da godiya da addu'ar ci gaban kamfani, sannan layi guda a ƙasa: ga takarda nan a maƙale, da fatan za a duba. Ladabinsa ba shi da aibi. Sai dai babu adadi ko ɗaya a jikinsa. Dole akantar ta sauke takardar, ta buɗe, in a waya take ta ja ta da yatsu biyu ta ƙara girma, ta bi lambobi biyar da ke jere a kusurwa tana laluben wadda ake so ta biya. Lambar asusun kuma tana can ƙasa cikin ƙananan haruffa, kusa da hatimi.

Ga yadda saƙon zai kasance idan akantar aka rubuta wa. A gurbin kan magana, wanda ke fitowa a allo da sunan Subject:

```
Inbois 0147: NGN 790,000, a biya zuwa 3 Disamba 2025
```

Cikin saƙon kuma:

```
Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki.

Ga inbois 0147 na kalanda 500 da muka kawo ranar 30 ga Oktoba.

Kuɗin da za a biya: NGN 790,000
Ranar ƙarshe: Laraba, 3 ga Disamba 2025
Banki: (sunan banki)
Sunan asusu: (sunan da zai fito a allo)
Lambar asusu: 0123456789
Bayanin biya: 0147

Jimla NGN 1,290,000 ce har da VAT, an cire kafin alƙalami NGN 500,000.
In akwai gyara, a kira ni a lambar da ke ƙasa. Na gode, a huta lafiya.
```

Lambar asusun nan ta misali ce. Gaisuwa tana nan, domin Bahaushe ba ya faɗa wa mutum da zancen kuɗi babu sallama, amma layi ɗaya ta ci. Kuma ko da Turanci aka rubuta saƙon, ko da Faransanci zuwa Yamai, tsarin bai canza ba.

Kan maganar ya fi kowane layi aiki, saboda shi kaɗai ake gani kafin a buɗe saƙo, kuma allon waya yakan datse shi bayan kalmomi kaɗan. Shi ya sa lambar inbois da adadin kuɗin suka zo a gaba, ranar ta biyo baya. Da an fara da sunan maɗaba'a da "barka da warhaka", da adadin ne zai faɗa bayan ɗigogin nan uku da ke nuna an yanke magana. Sunan mai aikowa ma ba ya buƙatar maimaici, yana bayyane a samansa. Akwai wani amfanin da ba ya fitowa sai daga baya: idan bayan wata biyu aka shiga gardama kan an biya ko ba a biya ba, duk wanda ya rubuta 0147 a wurin bincike zai ga saƙon nan take.

Sai adadin kuɗi, inda dokar take da sauƙin faɗa: lamba ɗaya ce za ta fito fili, wadda ake so a tura. Takardar inbois dole ta ɗauki duk lissafin, daga farashin guda har haraji. Imel ba wurin maimaita su ba ne. A misalin nan akwai 1,200,000 da 90,000 da 1,290,000 da 500,000 da 790,000, kuma kowace tana iya zama kuskuren wani. Akantar da ba ta san da kafin alƙalami ba, in ta ga 1,290,000 a sama da manyan haruffa, za ta shigar da shi, manaja ya dawo mata da takardar cewa ai an ba su wani abu tun farko, a koma neman rasit. Mako guda ya tafi, ba tare da kowa ya yi laifi ba. Don haka 790,000 take zaune ita kaɗai a layinta, bayanin yadda aka same ta kuma ya koma ƙasa cikin jumla guda. Abin da ba a yafewa shi ne imel ya faɗi wani adadi, takarda ta faɗi wani. Ko naira ɗari ce bambancin, ofishin kuɗi zai tsaya.

Kuɗin wace ƙasa ake nufi, wannan ma sai an rubuta. Alamar naira mai layi biyu tana fita daidai a yawancin wayoyi, amma a wasu tsofaffin manhajoji takan rikiɗe ta zama ɗan akwati ko alamar tambaya, shi ya sa haruffa uku na NGN suka fi aminci. Kalmar dala kaɗai ba ta raba ta Amurka da ta Kanada, sai an sa USD ko CAD. Sefa ma iri biyu ce: ta Nijar da sauran ƙasashen yammacin Afirka ita ce XOF, ta Kamaru da Chadi kuma XAF. Darajarsu ɗaya a kan yuro, amma manyan bankuna biyu daban ke buga su, kuma banki ba ya ɗaukar su a matsayin kuɗi guda. Akwai kuma tarkon waƙafi. A Najeriya da Birtaniya waƙafi ke raba dubbai, ɗigo ya raba kwabo. A tsarin Faransanci, wanda akantan Maraɗi ko Damagaram ya koya a makaranta, waƙafi ne ke raba ɓarin kuɗi, dubbai kuma a raba su da ɗan fili. Duk lokacin da saƙo zai tsallaka iyaka, ya dace a ƙara adadin da kalmomi: naira dubu ɗari bakwai da casa'in.

A kan wa'adi ne aka fi yin asara, domin masu aika inbois suna son rubuta sharaɗi a maimakon rana. "A biya cikin kwana 30," ko kuma Net 30 kamar yadda manhajojin lissafi ke bugawa a takarda. Kwana 30 daga yaushe? Mai maɗaba'a yana iya ƙirgawa daga ranar da ya kai kaya, 30 ga Oktoba, ya sa ran alat ranar 29 ga Nuwamba, wadda ma Asabar ce. Takardar tana ƙirgawa daga 3 ga Nuwamba, wato zuwa 3 ga Disamba. Akantar, in sai ranar 10 ga Nuwamba manaja ya tuna ya tura mata, za ta ce 10 ga Disamba. Wasu kamfanonin kuma daga ƙarshen wata suke fara lissafi, sai wa'adin ya zarce zuwa 30 ga Disamba. Ranaku huɗu ke nan daga jumla ɗaya, tazarar wata guda tsakanin ta farko da ta ƙarshe, kuma kowa yana da hujja. Ga maɗaba'ar da ta ci bashin takarda da tawada, kuma ma'aikata na jiran albashin ƙarshen shekara, wata guda ba ƙaramin abu ba ne.

Maganin shi ne mai aikawa ya yi ƙirgan da kansa, ya rubuta rana. Kuma ya rubuta sunan watan da haruffa. 03/12/2025 a Kano da Landan 3 ga Disamba ce, amma a Amurka ana fara rubuta wata ne kafin rana, don haka Ba'amurke zai karanta ta 12 ga Maris. Ƙungiyoyin agaji da kamfanonin waje da dama suna aiki da manhajojin da aka saita su a tsarin Amurka, ba sai takardar ta je can ba kafin ruɗanin ya faru. Ƙara sunan ranar mako, Laraba, yana da amfani biyu. Yana tabbatar da kwanan watan, sannan yana tilasta wa mai rubutu ya duba kalanda, ya ga ko wa'adin ya faɗa Asabar ko Lahadi ko hutun Sallah, lokacin da masu sa hannu ba sa ofis. Kalmomi irin su "da gaggawa" ko "da zarar an samu dama" ba su da gurbi a jadawalin ofishin kuɗi. Rana ce kawai ake iya shigarwa.

Rubuta ranar ba ya halatta canza ta. In kwana 30 aka yi alkawari, imel ba zai mayar da shi 14 ba, haka kuma ba a ƙirƙirar tarar jinkiri a ranar aika inbois. A wasu ƙasashe doka ce ta tanadi tarar. A Birtaniya, dokar 1998 kan jinkirin biyan bashin kasuwanci ta ba ɗan kasuwa damar ɗora ruwa na kashi 8 cikin ɗari a kan ma'aunin babban bankin ƙasar, Tarayyar Turai kuma ta yi dokarta a 2011 da ta sa kwana 30 ya zama wa'adi idan ba a rubuta wani ba. Inda babu irin wannan, abin da aka amince a kai tun wajen ciniki shi kaɗai ne madogara.

Bayanan banki kuwa, mai biya ba karanta su kawai zai yi ba, kwafe su zai yi. Daga nan duk ƙa'idodinsu suka fito. Lambar asusu a Najeriya guda goma ce, tsarin NUBAN da Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2010. Tana buƙatar layinta ita kaɗai, a rubuce, babu fili ko karan ɗori a tsakiya, babu aya a ƙarshe, yadda in an danna ta da yatsa za ta kwafu gaba ɗaya. Masu ɗaukar hoton lambar ko su manna ta cikin kwalliyar tambarin kamfani suna tilasta wa mai biya ya haddace lambobi goma yana kai da komo tsakanin manhajoji biyu, kuma a nan 69 ke zama 96. Wani abin lura shi ne sifirin farko. Asusu da yawa da 0 suke farawa, manhajar Excel kuma takan zubar da sifirin gaba in ta ɗauki abin a matsayin adadi. Mai haɗa inbois a cikinta ya ƙirga lambobin kafin ya aika. In tara suka zama, sifiri ya faɗi.

Layin sunan asusu shi mutane suka fi rainawa. A tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankunan Najeriya, da zarar an zaɓi banki aka sa lamba, sunan mai asusun yakan fito a allo kafin a tabbatar. Wannan kariya ce babba, amma tana iya tsayar da biya. Idan takarda na ɗauke da sunan maɗaba'a, allo kuma ya nuno sunan mutum, ko sunan rajista da ya bambanta da wanda ke jikin allon shago, akanta mai hankali za ta janye hannunta, kuma daidai ta yi. Sai a rubuta sunan harafi da harafi yadda banki ya riƙe shi. In asusun na mai shagon ne, a faɗa a fili, duk da cewa kamfanoni da yawa ba sa yarda su biya kuɗin kamfani a asusun mutum, abin da ya kamata a tambaya tun kafin a fara aiki. Kuma asusu ɗaya ya isa. Jera uku da sunan sauƙaƙawa yana ƙara wa mai biya tambaya ne, mai karɓa kuma ya rasa inda zai sa ido.

Layin bayanin biya don amfanin mai maɗaba'a ne. Idan alat ya shigo da 0147 a jikinsa, an san bashin da aka sauke. Hakan ya fi muhimmanci idan kuɗin bai zo cif ba. Manyan kamfanoni da hukumomi sukan cire harajin da ake riƙewa tun daga tushe kafin su biya ɗan kwangila. A ce kashi 2 cikin ɗari suka cire daga kuɗin aiki na 1,200,000, wato 24,000, alat zai nuna 766,000. Wanda bai san da wannan ba zai zaci an tauye shi. Jumla guda a imel tana rufe ƙofar: idan za a cire haraji, a turo da shaidar cirewa. In kamfanin ya ba da lambar oda tun farko, ita ma ta shiga saƙon, domin wasu ofisoshin ba sa taɓa inbois ɗin da ba ta ɗauke da ita.

Biyan da zai zo daga waje yana buƙatar ƙarin layuka. Akwai lambar SWIFT ta banki, mai haruffa 8 ko 11, da cikakken sunan bankin, da irin kuɗin da asusun ke karɓa. Turawan Turai za su tambayi IBAN, wadda a Jamus da Birtaniya haruffa 22 ce, a Faransa 27. Najeriya ba ta cikin tsarin, kuma gara a faɗi haka a saƙon da a bar su suna jira. Sai a ambaci wanda zai ɗauki cajin bankuna, don kada dala dubu ta iso da giɓi.

Akwai haɗarin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan tsari. Saƙon da ya fito da lambar asusu fili shi ne kuma wanda ɗan damfara ya fi son kwaikwaya. Tsakanin 2013 da 2015, wani ɗan ƙasar Lithuania mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi rajistar kamfani da suna irin na Quanta Computer, kamfanin Taiwan da ke sayar wa Google da Facebook kayan kwamfuta. Aka riƙa aika wa ma'aikatan kamfanonin biyu imel da inbois na bogi ɗauke da asusun da yake juyawa, suka biya sama da dala miliyan 120. Wata kotu a New York ta ɗaure shi shekara biyar a Disambar 2019. Hukumar FBI ta ce a shekarar 2023 kaɗai, ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa kan irin wannan damfara ta imel ɗin kasuwanci sun kai asarar kimanin dala biliyan 2.9. A kan ƙananan 'yan kasuwa salon ya fi sauƙi: a shiga akwatin imel na mai kaya ko na mai saye, a jira inbois na gaskiya ya wuce, sannan a biyo shi da saƙo mai cewa an canza asusu, a yi amfani da wannan.

Wasu masana tsaro suna ganin saboda haka gara a bar lambar asusu a cikin takardar PDF kawai. Amma wanda ya iya shiga akwatin imel ba zai gagara gyara PDF ba. Abin da ya fi kariya shi ne daidaito: lamba ɗaya a imel da takarda, daga adireshi ɗaya, cikin tsari ɗaya kowane wata, yadda duk sauyi zai tsone ido. Sai a ƙara layi a ƙasan saƙon cewa maɗaba'ar ba ta canza asusu ta imel, kuma duk wanda ya ga sabuwar lamba ya kira kafin ya biya. Kiran ya zama ta lambar wayar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon da ake zargi ba, domin ita ma ɗan damfarar ne ya rubuta ta. Alamomin saƙon bogi sanannu ne: harafi ɗaya da ya sauya a adireshin mai aikowa, gaggawar da ba a saba ba, da sunan da ya fito a allon banki wanda bai dace da na takarda ba.

Kafin a danna aikawa, mai maɗaba'a ya tura wa kansa saƙon ya buɗe a waya. In sai ya ja allo sama kafin ya ga lambar asusu, gaisuwa ta yi yawa. Ya gwada kwafe lambar zuwa manhajar bankinsa, ya ga sunan da zai fito. Ya duba sunan takardar da ya maƙala, domin `scan0003.pdf` ɓacewa take yi a kwamfutar akanta, `Inbois-0147.pdf` kuwa ana samun ta. Sannan ya tambayi manajan adireshin ofishin kuɗi, ya aika can kai tsaye, manajan ya samu kwafi. Wannan kaɗai zai goge kwana bakwai ɗin nan da takardar ta yi a akwatin manaja tsakanin 3 da 10 ga Nuwamba.

Tuni ma a kan saƙon farko ake ɗora shi, ba sabo ake buɗewa ba. Kwana uku ko huɗu kafin wa'adi, a amsa a kan wancan imel ɗin, a sake maƙala takardar tunda amsa ba ta ɗauko abin da aka maƙala a baya, a maimaita layukan nan shida yadda suke, a ƙara tambaya guda da ke buƙatar amsa: an shigar da 0147 cikin biyan wannan makon? Idan Laraba 3 ga Disamba ta wuce babu alat, ranar Alhamis da safe a sake aikawa, a sauya kalmomin kan magana su nuna wa'adi ya wuce jiya, sannan a bi shi da kiran waya zuwa ofishin kuɗi.